An riƙe mini kuɗin albasa a asusun waya, wace takarda ke sa a sake su?

Sani Mai Albasa, Aliero: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, abin ya hana ni barci tun shekaranjiya. Na loda buhu 20 na albasa zuwa Onitsha a kan naira 46,000 kowane buhu, kuɗi sunka kama 920,000. Mai sayen ya turo su kashi uku ran Litinin: 400,000, sai 240,000, sai 280,000. Dama akwai 65,000 nawa a ciki. Da na zo in tura ma manoman da na ɗauki kayansu, sai manhajar ta ƙi, ta rubuto mini `Account restricted. Please update your KYC`. Kuɗin na nan ina kallonsu, 985,000, amma ko katin waya na ɗari ba ni iya saye da su. Mutum uku ke bina, ɗaya daga cikinsu ƙanen mahaifina ne, jiya har gida ya same ni bayan magariba. Na kira lambar kamfanin, wata yarinya ta ce in tura takardu. Waɗanne takardu? Ba ta faɗa ba, layi ya yanke. Wanda ya taɓa shiga irin wanga hali ya taimaka mini.

Bashar Mai POS, Jega: Wa alaikumus salam Malam Sani. Kwantar da hankalinka, kullum muna ganin wannan a shago. Ka wuce iyakar asusunka ne kawai. Shiga manhajar ka ɗauki hoton takardar NIN ɗinka ka tura, kafin gobe sun buɗe.

Usman Ɗan Yauri: Inna lillahi. Malam Sani ka yi haƙuri, amma gaskiya in dai an rubuta maka haka, kwana 180 ne. Ni ma an yi mini, wata shida cur ina jira. Babu takardar da za ta sa a sake su kafin lokacin.

Sani Mai Albasa: Wata shida? Subhanallahi. Malam Usman, kuɗin mutane ne fa.

Hajiya Rabi, Birnin Kebbi: Malam Sani, kada hankalinka ya tashi da maganar wata shida tukuna. Malam Usman, asusun da aka riƙe maka na gida ne ko na waje?

Usman Ɗan Yauri: Na waje ne Hajiya. Zanen tambari nake yi wa mutane ta intanet, da dala ake biyana.

Hajiya Rabi: To ka gani. Kwana 180 ɗin nan a ƙa'idar PayPal da wasu kamfanonin waje irinsa aka san shi, idan sun rufe asusu rufewar dindindin sai su riƙe kuɗin har tsawon wannan lokaci saboda masu sayen da za su iya dawowa su ce a mayar musu. Asusun Malam Sani na naira ne, ƙarƙashin ƙa'idar Babban Bankin Najeriya yake, kuma babu wani wata shida da aka yanka masa.

Na yi shekara tara a teburin kula da kwastomomi a banki, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya kwaso duk takardun da ke gidansa ya tura, alhali bai san dalilin riƙon ba. Takardar da ke buɗe asusu ta danganta da abin da ya rufe shi. Don haka kafin komai, Malam Sani, shiga inda aka rubuta sunanka a manhajar, ka duba mana a wane mataki kake. Za ka ga `Tier 1`, `Tier 2` ko `Tier 3`.

Sani Mai Albasa: Hajiya na duba, `Tier 2` aka rubuta.

Hajiya Rabi: Madalla, to Bashar ya faɗi rabin gaskiya. Asusun kuɗi na waya hawa uku ne. Na farko, abin da za ka iya juyawa a rana 50,000 ne, kuma kuɗin da za su zauna a ciki ba za su haura 300,000 ba. Na biyu, inda kake, 200,000 a rana, kuma ba ya ɗaukar sama da 500,000 a ajiye. Na uku ne ke kai miliyan 5 a rana, kuma ba a ƙayyade abin da zai zauna a ciki ba. Kai da 65,000 ɗinka da turin farko na 400,000 kana kan 465,000, lafiya lau. Turi na biyu ne ya tsallake da kai. Wasu kamfanonin kan ƙi karɓar kuɗin, su koma wa mai su. Wasu kuma su karɓa, sannan su ɗaure asusun har sai ka hau mataki na uku. Naka na biyun ya yi.

Inda ban yarda da Bashar ba shi ne cewa hoton NIN kaɗai zai isa. Tun sanarwar da Babban Banki ya fitar a watan Disamba na 2023, mataki na biyu da na uku sai da BVN da NIN duka biyun. Na ukun kuma ana ƙara neman katin shaida mai hoto da shaidar inda kake zaune. Abu huɗu ke nan, sai kuma hoton fuskarka da manhajar za ta ɗauka da kanta.

Bashar Mai POS: Haka ne Hajiya, na manta da maganar adireshi. Amma ni dai yawancin waɗanda nake yi wa, da an sa NIN yake wucewa.

Hajiya Rabi: Waɗanda ke hawa daga na ɗaya zuwa na biyu ne, Bashar. Shi na uku yake nema.

Sani Mai Albasa: Na gwada yanzu. Na sa NIN, na ɗauki hoton takardar, ya yi ta juyawa sannan ya ce `Verification failed. Details do not match`. Sau uku ke nan.

Hajiya Rabi: Tsaya haka nan, kada ka sake gwadawa. Wasu manhajojin in ka yi ta maimaitawa sukan rufe wurin na kwana ɗaya ko fiye. Wannan saƙon na nufin abin da ke kan BVN ɗinka da abin da ke kan NIN ba su zo ɗaya ba. Ɗauko takardar NIN ka karanta sunan yadda aka rubuta shi harafi bayan harafi, da ranar haihuwa in kana da kati ko takardar da ke nuna ta. Sannan ka duba sunan da ke fitowa idan wani zai turo maka kuɗi a asusunka na banki, wannan shi ne yawanci na BVN. Kada ka rubuto mana lambobin a nan, sunan kawai ka kwatanta.

Sani Mai Albasa: Kai, Hajiya kin gano shi. A banki Muhammad aka rubuta, kuma an ƙara Aliero a ƙarshe. A NIN kuma Muhammadu ne, babu Aliero. Shekarar haihuwa ma na tuna, lokacin da munka yi BVN a Jega mai rubutun ya tambaye ni, na ce masa kamar 1988, ya sa 1 ga Janairu. A NIN 1986 ne, shi ne daidai da takardar firamare tawa.

Alhaji Garba, Kamba: Wannan abu ya ishi mutanenmu. Muhammad da Muhammadu ai mutum ɗaya ne, kowa ya sani. Mi ya sa za a riƙe ma bawan Allah dukiyarshi saboda harafi guda?

Hajiya Rabi: Alhaji, ranka ya daɗe, harafin kaɗai sau da yawa yakan wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne shekara biyu tsakanin ranakun haihuwa. Na'ura ce ke kwatantawa, in ta ga 1986 a nan 1988 a can, a wurinta mutum biyu ne, kuma irin haka ne ɓarayi ke yi, su haɗa BVN na wani da NIN na wani su buɗe asusu.

Malam Sani, abin da ya sauƙaƙa maka shi ne NIN ɗin ne mai gaskiya, don haka BVN za ka gyara, kuma a banki ake yi, ba a manhajar waya ba. Je reshen bankin da asusunka ke haɗe da BVN ɗin da safe. Ka tafi da asalin takardar NIN, da takardar rantsuwa daga kotu da ke cewa Sani Muhammad Aliero da Sani Muhammadu mutum ɗaya ne kuma ga ainihin ranar haihuwarsa, da takardar firamaren nan. In kana da shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ka haɗa da ita, wasu rassan sukan dage a kanta. Za su ba ka fom ka cika. Abu ɗaya ka kula da shi sosai: ranar haihuwa a BVN sau ɗaya ake yarda a canza ta. Ka tsaya a kan ma'aikacin ka ga abin da ya shigar kafin ka tashi.

Da a ce NIN ne mai kuskuren, da aikin ya fi tsawo da tsada, domin ta hukumar NIMC za a bi, kuma gyaran ranar haihuwa a can ya fi gyaran suna kuɗi nesa ba kusa ba.

Maryam, Zuru: Hajiya don Allah ni ma ga tawa. Nawa asusun da NIN na yayana aka buɗe mini, lokacin ban yi nawa ba. Yanzu akwai 120,000 na adashen matan unguwarmu a ciki, sun ce in ɗauki hoton fuska, ya ƙi. Yanzu na yi NIN nawa, in na tura zai buɗe?

Hajiya Rabi: Ƙanwata, ba zai buɗe ba, kuma kada ki tura. A wurin kamfanin asusun na yayanki ne, fuskarsa suke nema. Ki kai masa wayar ya tsaya gaban kyamara da kansa. Da ya buɗe, ki kwashe kuɗin zuwa sabon asusu da sunanki, ki daina ajiyar adashe a wancan.

Maryam: Yana Fatakwal wurin aiki, sai da sallah yake zuwa.

Bashar Mai POS: Zai iya shiga daga wayarsa a can, lambar sirri ta wucin gadi za ta zo layin da ke hannunki ki karanta masa. Amma ki tabbata muryarsa kike ji, ba saƙo ba.

Shugaban Zaure: Na goge wani saƙo yanzu, na kuma cire mai shi. Ya sa lamba yana cewa shi ma'aikacin kamfanin ne, a biya 15,000 ya buɗe asusu cikin minti goma. Malam Sani, in ya biyo ka ta gefe kada ka saurare shi.

Sani Mai Albasa: Wallahi har ya kira ni, ya ce in karanto mashi lambar da za ta shigo wayata. Allah ya sa na ga saƙonka kafin nan.

Hajiya Rabi: Alhamdulillahi. Da ka karanta masa, da asusun ya koma wayarsa, ranar da aka buɗe shi ne zai fara sani. Buɗe asusu ba a biyansa ko sisi, kuma takardu ta cikin manhajar ko ta imel ɗin da ke rubuce a cikinta kawai ake turawa.

Sani Mai Albasa: To saura maganar adireshi. Gidanmu na gado ne, takardar wuta da sunan marigayi kakanmu take zuwa, in ma ta zo.

Alhaji Garba: Ka je wurin hakimi ko mai unguwa ya rubuta maka takarda da hatimi. Ni da ita na buɗe asusuna na banki, ba wanda ya ce mini uffan.

Bashar Mai POS: Alhaji wannan a banki ne, inda mutum zai karɓa ya duba. A manhaja babu ma gurbin da za ka sa ta. Abin da ke jerin shi ne takardar wuta, ta ruwa, rasit na haya, ko sitetimen na banki mai ɗauke da adireshi.

Hajiya Rabi: Na taɓa ganin an karɓi ta hakimi ta imel, na kuma ga an ƙi, don haka ba zan ce maka ka dogara da ita ba. Amma sunan kakanka a takardar Kaduna Electric ba lallai ya zama matsala ba. Abin da suka fi dubawa shi ne adireshin da ke jikinta ya zo ɗaya da wanda ka rubuta a manhajar, kuma kada ta wuce wata uku da fitowa. In mita mai kati gare ku, rasit na sayen wuta ma yakan yi idan adireshin ya fito a jiki. Ka kwafi adireshin yadda yake a takardar, ko da ba haka kuke kiran unguwar ba. Wasu kamfanonin kuma sukan aiko mutum ya ga gidan ya ɗauki hoton ƙofa, to ka gaya wa mutanen gida kada su ce ba su san ka ba don sun ga baƙo da waya.

Sani Mai Albasa: Jama'a ina kwananku. Ga inda aka kwana. Ran Alhamis na yi rantsuwa a kotu na kai banki, sun karɓa, jiya Litinin gyaran ya fito. Na koma manhajar, NIN ya wuce. Hoton takardar ne ya ba ni wahala, don na yi mata leda tun tuni, hasken fitila na ta ƙyalli a kan lambar, sau biyu ana ƙi. Sai yarona ya ce mu fita inuwar zaure da rana, munka shimfiɗa ta kan tabarma, ya ɗauka ba fitila, kusurwa huɗu duk sun fito. Hoton fuska ma sai da na cire hula. Yau da hantsi sun mayar da ni `Tier 3`. Na tura ma ƙanen babana kuɗinshi, na ji sanyi a raina.

Amma akwai saura. Sama an rubuta jimillar kuɗina, ƙasa kuma wurin `Available balance` ya nuna ƙasa da haka da 280,000 daidai. Da aka buɗe, 705,000 kawai na iya taɓawa. Na rubuta musu, sun amsa da cewa akwai `lien` a kan kuɗin saboda ƙorafi daga bankin wanda ya turo.

Bashar Mai POS: Ƙila na'urarsu ce ba ta gama sabuntawa ba. Ka ba shi awa 24, ko ka sake tura NIN ɗin.

Hajiya Rabi: A'a Bashar, wannan wani ciwon ne daban, kuma ko NIN goma ya tura ba zai motsa ba. Alamar ita ce adadin: 280,000 cif, daidai da turi na uku. Riƙon rashin takardu asusun gaba ɗaya yake kamawa. Wanda ya kama wani adadi ya bar saura, wani ne ya je bankinsa ya ce kuɗin nan ban yarda da fitarsu ba. Malam Sani, buɗe rasit na turi ukun nan ka duba sunan wanda ya turo kowanne.

Sani Mai Albasa: Na farko sunan mai sayen ne. Na biyu sunan shagonshi. Na ukun wani suna ne da ban taɓa ji ba. Wallahi ban lura ba sai yanzu, na ga kuɗi sun cika kawai.

Hajiya Rabi: To nan gizo ke saƙa. Hanya biyu ce ke kawo haka. Ko dai mai sayenka yana bin wani bashi, ya ce masa tura wa Sani kai tsaye, daga baya suka saɓa, shi kuma ya je banki ya ce kuskure ya yi ko an yaudare shi. Ko kuma, Allah ya kiyaye, kuɗin na wani ne da aka damfara aka ba shi lambar asusunka. A duka biyun kai ba ka yi laifi ba, amma a takarda abin da ake gani shi ne baƙo ya tura maka kuɗi kuma yana kuka.

Yanzu ba a tambayar ko kai wane ne, an riga an sani. Tambayar ita ce me ka bayar aka biya ka. Don haka takardun ciniki za ka tara. Ka fara da rasit na turin, a jikinsa akwai `Session ID`, lamba 30 ce, da ita bankunan biyu ke gane turin da ake magana a kai. Ka sa ta a kan kowane saƙo da za ka rubuta. Sai takardar lodi da aka ba ka a tasha, mai lambar mota da sunan direba da adadin buhu da kwanan wata. Sai hirarku da mai sayen inda kuka yi ciniki, musamman in akwai inda ya ce wani zai turo cikon. In kana da shafin littafinka inda ka rubuta buhu 20 a kan 46,000, ɗauki hotonsa. Wadda ta fi duka nauyi kuma ita ce wasiƙa daga mai sayen, da sa hannunsa da hoton katin shaidarsa, yana cewa shi ya umarci wane ya biya 280,000 a madadinsa, kuma kaya sun iso hannunsa.

Ka haɗa su a imel ɗaya, kada ka yi ta aikawa gutsi-gutsi. Ka nemi su ba ka lambar ƙorafi, ka kuma tambaye su a rubuce: wane banki ne ya nemi riƙon, a wace rana, kuma akwai umarnin kotu ko babu.

Usman Ɗan Yauri: Wannan kam ya yi kama da nawa. Su ma na wajen abin da suka nema ke nan, fasfo, shaidar adireshi, da shaidar cewa na miƙa aikin. Masu tura kaya lambar bin sawun kaya ake tambayarsu. Ni matsalata, duk cinikin a baki muka yi ta kiran waya, ba ni da abin nunawa.

Sani Mai Albasa: Takardar lodi tana nan, a aljihun rigar da na sa ranar na same ta, ta ɗan yamutse amma ana karanta lambar motar. Ciniki kuwa da saƙon murya munka yi, rabi Hausa rabi Turancin kasuwa. Na kira mai sayen yanzu. Ya ce mutumin kwastomanshi ne, ya karɓi buhu 7 daga cikin kayan, shi ya ce mashi ya turo mini. Wai da ya buɗe ya tarar biyu sun fara ruɓa, sunka yi faɗa, shi ne ya tafi banki.

Barista Lawali, Argungu: Malam Sani, sannu da ƙoƙari. Kada ka goge saƙonnin muryar nan, kuma ka rubuta abin da aka faɗa a ciki da kwanan wata ka haɗa da imel ɗin. Abu biyu zan ƙara a kan na Hajiya. Na farko, in mutumin ya kira ka ya ce ka mayar masa da kuɗin ta wata lambar asusu shi kuma zai janye ƙorafi, kada ka yi. Za ka iya biya daga aljihunka, riƙon kuma ya ci gaba da zama, ka yi asara sau biyu. In za a mayar, kamfanin ne zai mayar ta hanyar da kuɗin suka zo, bayan ka sa hannu a takardar amincewa. Na biyu, kada ka sa wannan hannun sai mai sayenka ya fara turo maka 280,000 daga asusunsa mai sunansa. Da shi ka yi ciniki, rigimar ruɓaɓɓen buhu tsakaninsu ce.

Alhaji Garba: Barista, to wai doka ta ba su ikon riƙe kuɗin mutum haka kawai don wani ya yi ƙorafi? Ba sai alƙali ya ce ba?

Barista Lawali: Alhaji, a nan ake ja. Kotuna sun sha yanke cewa banki ba zai daskarar da asusun mutum ba tare da umarnin kotu ba, ko da jami'an tsaro ne suka rubuto. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma awa 72 ta ba hukuma ta tsayar da asusu kafin ta nemi kotu. A ra'ayina riƙon da ya wuce kwanaki babu takardar kotu yana da rauni.

Hajiya Rabi: Barista, ba na musu da kai a kan kotu. Amma a ɓangarenmu, ƙa'idar Babban Banki ta wajabta wa kowane banki teburin yaƙi da zamba, kuma in ƙorafi ya zo daga wani banki ana tsare kuɗin nan take, in ba haka ba kafin a samo takardar kotu an kwashe su. Mutanen da aka sace wa kuɗi aka dawo musu da su, ta wannan hanyar ce. Ga kuma sharuɗɗan da kowa ke danna amincewa lokacin buɗe asusu.

Barista Lawali: Tsarewar gaggawa na fahimta, Hajiya. Wadda ba ta da ranar ƙarewa ce ban yarda da ita ba. Amma a kan 280,000 ba zan ce ya fara da kotu ba, kuɗin shari'a da zirga-zirga za su ci rabi.

Hajiya Rabi: A nan mun haɗu. Hanya mafi kusa ita ce mai ƙorafin ya koma bankinsa ya janye a rubuce, bankin ya aika wa kamfanin, su ɗage. Takardunka suna hana a mayar da kuɗin a bayan idonka, amma sau da yawa janyewar ce ke sakinsu. In kuma kamfanin ya yi shiru, ka ƙirga mako biyu daga ranar da suka ba ka lambar ƙorafi, sannan ka kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Banki, `cpd@cbn.gov.ng`, ko ka kai wasiƙar reshensu na nan Birnin Kebbi. Abin da za su fara tambaya shi ne lambar ƙorafin nan, shi ya sa na dage a kanta.

Sani Mai Albasa: Na tura komai jiya da dare, sun ba ni lamba, na rubuta ta a bangon littafina da kwanan wata. Mai sayen ya aiko wasiƙar da hoton katin zaɓenshi. Amma maganar ya sake turo 280,000 daga wurinshi, ya ce ba shi da su yanzu, sai ya sayar da sauran kayan. Shi kuma mai buhu 7 ya ce zai janye in an rage mashi kuɗin buhu biyu. Shugaban 'yan albasa na can kasuwar ya ce zai zaunar da su ran Asabar.

Bashar Mai POS: Da ni ne kai, da na yafe buhu biyun a wuce wurin. Ko a farashinka 92,000 ne, ka karɓi sauran.

Alhaji Garba: A'a. Kaya sun bar Aliero lafiya, direba ya shaida. In ya yafe wannan, gobe kowa ya karɓi kaya sai ya ruga banki.

Sani Mai Albasa: Ban yanke ba tukuna, Alhaji. Manomi ɗaya ya rage ban cika ma ba, 190,000 yake bina, na roƙe shi ya ba ni zuwa Asabar ɗin. Hajiya, in an janye ƙorafin, kwana nawa yake ɗauka kafin kuɗin su sauka?

Hajiya Rabi: Ya danganta da ranar da bankinsa ya aika saƙon, ba ranar da shi ya ce ya janye ba. Ka ce ya ɗauki hoton wasiƙar janyewar bayan an buga mata hatimin karɓa a banki, ya turo maka, kai kuma ka tura wa kamfanin a ƙarƙashin lambar ƙorafinka. In Asabar suka zauna, ba zai samu shiga banki ba sai Litinin, don haka ka gaya wa manomin Laraba.